Linki huɗu da ke shafin shagona, da abin da kowanne ke yi a wayar kwastoma



Ni sana'ata gyaran waya ce, ba haɗa shafukan intanet ba. Amma ina da ɗan ƙaramin shafi na shagona da na rubuta da HTML, kuma duk amfaninsa yana kan linki huɗu ne: na kira, na imel, na sauke takardar farashi, sai wanda ke kai mutum wani shafi na waje. Abin da nake so in faɗa a kansu ɗaya ne. Linki ba ya kira, ba ya tura saƙo, ba ya ajiye fayil da kansa. Saƙo kawai yake miƙa wa wayar da aka danna shi a cikinta, ita kuma ta yi abin da za ta iya. Mu da wayoyin mutane ke wucewa ta hannunmu kullum, mun san ba kowa ne ke riƙe da sabuwar waya ba. Don haka idan za ka rubuta linki, ka tuna da wayar kwastomanka, ba taka ba.

Mu fara da na kira, don shi mutanenmu suka fi dannawa. Ga yadda ake rubuta shi, lambar ta misali ce kawai:

```html
<a href="tel:+2348000000000">0800 000 0000</a>
```

Ka lura akwai lamba iri biyu a nan. Ta biyun ita mutum yake gani a sikirin, na raba ta kashi uku don ta yi sauƙin karantawa. Ta farkon, wadda ke cikin `href`, ita waya take ɗauka. A can an cire sifilin farko, an sa `+234`, kuma ba a bar fili tsakanin lambobin ba.

Me ya sa sai an sa `+234`? Akwai wani maƙwabcina mai sayar da caja da batura a sari, wani yaro ya haɗa masa shafi, ya sa lambar yadda muke faɗinta da baki, mai farawa da sifili. Mu a nan idan mun danna tana shiga lafiya lau. Amma yana da masu sayen kaya a Maraɗi, su kuma layin Nijar ne a wayarsu. Idan sun danna, wayar ta ɗauka lambar cikin Nijar ake nema, sai kira ya ƙi tafiya. Shi bai san ana nemansa ba, su kuma sun ɗauka ya canza layi. Da aka cire sifilin aka sa lambar ƙasa, magana ta ƙare. Idan kai a Nijar kake, taku `+227` ce, sai lambobi takwas su biyo baya yadda suke, ba abin da ake cirewa. Ghana kuma `+233`.

Kada ka ji tsoron wani zai danna bisa kuskure katinsa ya ƙone. A Android linkin yana buɗe wurin buga kira ne da lambar a rubuce, sai mutum ya danna da kansa. A iPhone kuma sai an tambaye shi tukuna.

Na biyu, na imel. Shi ma yana da abin da ake sa masa a gaba, wato `mailto:`. Abin da ya sa nake son sa shi ne zan iya rubuta wa mutum tambayoyin da nake so ya amsa tun kafin ya fara. Duk mai gyara ya san saƙon nan na “wayata ta lalace, nawa ne?” ba tare da an faɗi wace waya ce ba. Ga nawa:

```html
<a href="mailto:gyara@example.com?subject=Gyaran%20waya&amp;body=Samfuri:%0D%0AMatsala:">Turo imel</a>
```

Bayan adireshin sai alamar tambaya, daga nan `subject` ya ɗauki kan saƙon, `body` ya ɗauki cikinsa. Ba a barin fili a cikin linki, shi ya sa `%20` yake tsayawa a madadinsa. `%0D%0A` kuma yana nufin a sauka sabon layi. Idan mutum ya danna, zai ga kan saƙo ya cika da “Gyaran waya”, a ƙasa layi ɗaya na samfuri, layi ɗaya na matsala, nasa kawai ya cike. Haruffanmu masu lanƙwasa su ma suna da nasu, misali ƙ ana rubuta ta `%C6%99`, don kada wata manhajar ta mayar da ita shirme.

Sai dai ga inda yake gazawa. Linkin nan manhajar imel yake nema a cikin wayar. Wayoyi da yawa da ake kawo min, mai ita bai san kalmar sirrin Gmail ɗinsa ba, wani ne ya buɗe masa ranar da ya saya. Idan aka yi wa wayar filashin ba a mayar da adireshin ba, mutum zai danna sai a ce ya shigar da akawun, wata ma ba abin da zai buɗe. Saboda haka ina rubuta adireshin a fili kusa da linkin, wanda zai kwafa ya kwafa, kuma lambar waya tana samansa. Ka kuma sani ba a liƙa hoto ko fayil ta `mailto:`, sai mutum ya sa da hannunsa. Sannan adireshin da ke buɗe a shafi masu tura saƙonnin banza suna tsince shi, don haka na shago daban, naka na kanka daban.

Na uku, sauke fayil. Ina da takardar farashin sikirin da wurin caji a PDF. Idan ka sa linki haka kawai, wata burauzar buɗe takardar za ta yi, ba za ta ajiye ba. Kalma ɗaya ce ke canza wannan:

```html
<a href="/fayil/farashi-v7.pdf" download="farashin-gyara.pdf">Sauke farashi, PDF, 300 KB</a>
```

Sunan da ke cikin `download` shi ne wanda fayil ɗin zai ɗauka a wayar mutum. Ni a wajena yana nan da sunan da nake gane shi, kwastoma kuma ya ga suna mai ma'ana idan ya zo nema bayan sati biyu. Girman da na rubuta a jiki kuwa don data ne. Mai ragowar megabait goma yana da haƙƙin sanin abin da zai ci masa kafin ya danna.

Babban sharaɗinsa shi ne fayil ɗin ya kasance a gida ɗaya da shafin. Idan ka ɗora shi a Google Drive ka kawo linkin ka sa masa `download`, burauza ba za ta kula kalmar ba, shafin Drive kawai za ta buɗe. Da gangan aka yi haka, don kada wani shafi ya riƙa ɗauko fayil ɗin wani wuri yana sauya masa suna. To idan ka danna ka ga takarda ta buɗe maimakon ta sauka, fara duba adireshin da ke `href`. Idan daidai yake, duba inda ka buɗe shafin. Burauzar da ke cikin manhajar Facebook ta sha ƙin sauke fayil, shi ya sa na rubuta a ƙasan linkin cewa idan ya ƙi, a buɗe shafin a Chrome.

Na huɗu shi ne wanda ya fi buƙatar a nutsu. Idan kana so linki ya buɗe a sabon tab, naka ya zauna a baya, `target="_blank"` ake sawa. Matsalar ita ce, a tsarin da, sabon shafin yana samun wata igiya da ta ɗaure shi da naka, sunanta `window.opener`. Ba zai iya karanta abin da ke shafinka ba, amma zai iya juya tab ɗinka zuwa wani adireshi.

Ka ɗauka na sa linki zuwa wani shafi mai bayanin yadda ake kula da batir, daga baya 'yan damfara suka ƙwace shi ban sani ba. Kwastoma ya danna, yana can yana karatu, a baya an mayar da tab ɗin shagona shafi mai kama da na shiga Facebook. Ya dawo, ya ga an ce ya sake sa kalmar sirri. Ba zai yi zargin komai ba, don shi ya buɗe wannan tab ɗin da hannunsa. Ya rasa akawun ɗinsa, ni kuma sunana ya ɓaci, tunda daga wajena ya taso. Maganin gajere ne:

```html
<a href="https://example.com" target="_blank" rel="noopener noreferrer">Karanta, zai buɗe a sabon tab</a>
```

`noopener` yana tsinke igiyar. `noreferrer` shi ma yana tsinke ta, sannan ya hana a gaya wa wancan shafin daga ina mutum ya fito. Idan kana so mai wancan shafin ya san kai ne ke turo masa mutane, bar `noopener` kaɗai.

Wani zai ce ai burauzoji yanzu suna yin haka da kansu. Gaskiya ne. Safari ta fara a 2019, Firefox 79 a 2020, Chrome 88 kuma a Janairun 2021. Amma mutanenmu da yawa suna kashe sabunta manhajoji don tattalin data ko don waya ta cika, wasu wayoyin kuma sun tsufa har sabon Chrome ba ya hawa. Idan waya ta zo hannunka, rubuta `chrome://version` a wurin adireshi ka ga lambar farko. In ta gaza 88, igiyar nan tana aiki a wayar. Kalma biyu ba su da tsada, gara a rubuta su.

Za ka iya gwadawa da idonka. Haɗa fayil mai suna `gwaji.html` ka sa wannan a ciki:

```html
<script>
document.write(window.opener ? "Igiya tana nan" : "An tsinke");
</script>
```

Sai ka yi linki biyu zuwa gare shi, duka da `target="_blank"`. Ɗaya ka sa masa `rel="opener"`, wanda ke dawo da tsohon hali ko a sabuwar burauza, ɗayan kuma `rel="noopener"`. Na farko zai ce igiya tana nan, na biyu ya ce an tsinke.

Abu na ƙarshe, ba kowane linki ne ke son sabon tab ba. Na kira da na imel da na saukewa ba sa buƙata, a wasu burauzojin ma farin shafi yake bari a buɗe, mutum ya rikice. Shafukan cikin gidanka su ma bar su a tab ɗaya, don maɓallin komawa baya ya yi aikinsa. Na waje kaɗai nake buɗewa a sabo, kuma ina faɗa a jikin rubutun.

Kafin ka raba linkin shafinka, ka ari tsohuwar waya ɗaya, ka buɗe shi a Chrome, ka sake buɗewa daga cikin Facebook, ka danna duka huɗun. Idan kana da kwastoma a ƙetaren iyaka, roƙe shi ya danna na kiran ya gaya maka ko ya shigo. Wanda nasa ya ƙi aiki, ya rubuto layin yadda yake tare da samfurin wayar, mu duba tare. Allah ya sa albarka a nema.