Carbin da ya faɗi ranar Juma'a

Wata Juma'a ta damina na je gida Diggi daga Birnin Kebbi. Rana ta kusa take tsaka na yi wanka ɗaya da niyya biyu, ta janaba da ta Juma'a, abin da malamanmu na Malikiyya suka yarda da shi, na wuce masallaci kai tsaye. Kafin liman ya hau mumbari gajiyar hanya ta rinjaye ni. Ban farka ba sai da Kawu ya taɓa ni, ya miƙo mini carbina da ya tsinta a kan tabarma.

"Ɗana, ka ji faɗuwarsa?"

Na ce ban ji ba.

"To tashi ka sake alwala."

Na ce, "Kawu, wankan fa? Kuna ganin yana nan?" Ya ce yana nan, in yi sauri.

Ni da na karanta Ahalari da Ishmawi tun ina yaro, sai ga shi na cuɗanya abubuwan da littattafan suka rarrabe. Barci ba ƙazanta ba ne. Yana warware alwala ne domin mai barci ba ya sanin abin da ya fita daga jikinsa. Shi ya sa ake duba nauyinsa kafin tsawonsa. Mai nauyi yana warwarewa ko da gajere ne. Marar nauyi ba ya warwarewa, sai dai idan ya yi tsawo an so a sabunta. Ma'aunin kuwa shi ne wanda Kawu ya gwada ni da shi: abu ya suɓuce daga hannunka, ko a yi magana kusa da kai, ba ka sani ba.

Wankan janaba ba ruwansa da wannan. Abin da ke wajabta wanka ga mai rai shi ne fitar maniyyi da jin daɗi ko a mafarki, da saduwa ko da bai fita ba, da ɗaukewar haila ko jinin biƙi. Fitsari da tusa da barci iyakarsu alwala. Haka maziyyi, wanda samari da yawa ke wahalar da kansu da wanka a kansa: a wanke gaba duka da niyya, a yi alwala.

Na Juma'a ne mai sharaɗin da ya ba ni mamaki. Sunna ne, amma a mazhabarmu dole ya haɗu da tafiya masallaci. Da a ɗaki na yi wannan barcin bayan wanka, ko na zauna na ci tuwo na ƙoshi, da sai na sake shi. Tun da a cikin masallaci barcin ya same ni, bai ɓaci ba.

Na ratsa sahu ina jin kunya, na ari buta a bakin ƙofa. Na dawo ana huɗuba ta biyu, wani ya riga ya zauna a wurina.