Inda Kare Kai Yake Ƙarewa

Duk wanda ya zauna a Sabuwa cikin shekarun nan ba ya bukatar a karanta masa littafi kafin ya yarda cewa mutum yana da haƙƙin kare gidansa. Muna maƙwabtaka da Faskari da Dandume, dazukan Birnin Gwari kuma suna bayanmu. Mun ga gonakin masara da waken soya da aka bari ba shuka, mun ga manomin da sai ya biya kuɗi kafin a bar shi ya girbe abin da ya noma. Saboda haka ba zan ɓata lokaci a kan ko ya halatta a tari mai ɗauke da bindiga ba. Abin da ya fi damuna shi ne tambaya ta biyu, wadda ba a cika son jin ta a majalisa ba: idan an fara faɗan, ina iyakarsa?

Malaman fiƙihu sun daɗe da raba waɗannan tambayoyi biyu. Mai tare hanya da makami yana ƙwace dukiya da firgita mutane, sunansa muharibi, laifinsa kuma hiraba, wadda hukuncinta ya zo a aya ta 33 ta Suratul Ma'ida. Wanda ya afka wa mutum a gidansa, ya halatta a tunkuɗe shi ko da hakan zai kai ga ransa. Amma a mazhabar Malikiyya da muke bi, an so a fara yi masa magiya da Allah ya janye idan akwai sararin yin haka, kuma a tunkuɗe shi da mafi sauƙin abin da zai tsayar da shi. Ayar Baƙara ta 190 da ta ba da izinin yaƙar masu yaƙarmu, ita ce dai ta haɗa da hanin ƙetare iyaka. A Turai ma, malamin Kirista Toma Akwinas ya kafa sharuɗɗa uku a ƙarni na 13: hukuma halattacciya, dalili na gaskiya, da kyakkyawar niyya. Dalili muna da shi. A kan hukuma da niyya ne nake ganin ƙafarmu take zamewa.

Bari mu bi misali ɗaya daki-daki, irin wanda kowa a yankin nan ya san kamanninsa. Da tsakar dare mahara sun shigo ƙauye a kan babura, suna harbi. Matasan gari sun fito da bindigogin ƙirar gida sun mayar da wuta, wasu daga cikin maharan sun faɗi. Babu malami ko alƙalin da zai ɗora musu laifi. Babu sararin magiya, babu lokacin jiran jami'an tsaro. Tsarin mulkin 1999 da kansa, a sashe na 33, ya keɓe kisan da ya auku wajen kare mutum daga farmaki ko kare dukiya, matuƙar ƙarfin da aka yi amfani da shi bai wuce bukata ba.

Maharan sun juya, sun kora shanu, sun tafi da mata biyu. Aka bi sawunsu. Har yanzu ina ganin bin yana kan hanya, domin zaluncin bai ƙare ba: matan suna hannunsu, kuma ceto su wani ɓangare ne na kariyar. Amma a ce gari ya waye, sawu ya ɓace a bakin daji, sai ga wata ruga a kusa. Ba a ga shanun a can ba, ba a ga bindiga ba. Akwai tsoho, da mata masu dama fura, da yara masu kiwo. Wani ya ce ai ta nan suka bi, ai duk ɗaya suke. A daidai wannan wuri kare kai ya ƙare. Wanda ya cinna wa bukkar nan wuta ba tunkuɗe mahari yake yi ba, domin babu maharin da ke gabansa. Ya fara wani sabon farmaki ne, kuma mutanen rugar sun sami a kansa irin haƙƙin da shi ya samu a kan maharan jiya da dare.

Alamar da nake gane wannan iyaka da ita mai sauƙi ce. A tambayi mai riƙe da makami: me wannan mutumin da ke gabanka yake aikatawa yanzu? Idan amsar ita ce yana harbi, ko yana riƙe da wanda ya sace, to faɗa ne. Idan amsar ta koma a kan ko shi wane ne, wace ƙabila, ɗan wa, daga wace ruga, to an bar kariya an shiga ramuwa a kan wanda bai ci ba bai sha ba. Alƙur'ani ya maimaita a wurare da yawa, ciki har da aya ta 164 ta Suratul An'am, cewa ba a ɗora wa wani rai nauyin laifin wani. Wasiyyar da Sayyidina Abubakar ya yi wa Yazidu ɗan Abu Sufyan lokacin da ya tura shi Sham, wadda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, ta hana kashe mata da yara da tsofaffi, ta hana sare itatuwa masu 'ya'ya da rusa gidaje, ta hana yanka tumaki da raƙuma sai don ci. Wannan fa runduna ce da za ta fuskanci sojojin Rum. Idan an hana ta taɓa dabbobin abokan gaba, da wace hujja za a kore garken maƙwabcin da muke sallar Idi tare da shi?

Mataki na ƙarshe a misalin shi ya fi nauyi. Bayan kwana uku, ranar kasuwa, wani ya nuna wani saurayi ya ce ya gan shi cikin maharan. Aka kama shi, aka ɗaure. A ɗauka ma gaskiya ne yana cikinsu. Yanzu ba shi da makami, ba ya iya cutar da kowa, abin da ya rage kawai shi ne hukunci, kuma hukuncin hiraba a fiƙihu na shugaba ne da alƙalinsa, bayan shaidu. Ba na wanda ya kama ba ne. Dokar yaƙi ta duniya ma haka ta ce: sashe na 3 da yarjejeniyoyin Jeniba huɗu na 1949 suka yi tarayya a kansa, wanda ya shafi rikicin cikin gida, ya hana kashe wanda ya ajiye makami ko yake tsare, ya kuma hana zartar da kisa ba tare da hukuncin kotu ba.

Na taɓa faɗa wa wani ɗan yayana wannan magana, yaron da ya shiga aikin sa-kai bayan an kashe abokinsa a gona. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce: "Baffa, in mun miƙa shi, bayan wata guda za mu gan shi a kasuwa. Kuma matar da ke kai musu burodi da man fetur, ita ba ta cikin yaƙin?" Ban raina tambayarsa ba, domin daga baƙin ciki na gaskiya ta fito. Na ce masa mai kai musu abinci ko labari da son ransa mai laifi ne, a kama shi a gurfanar. Amma a ƙauyen da 'yan bindiga suka mamaye, wa ya isa ya ƙi sayar musu da burodi? Manomanmu da ke biyan harajin girbi su ma kuɗinsu harsashi yake saya. Idan muka ce duk wanda dukiyarsa ta isa daji jininsa ya halatta, to mun halatta jinin rabin danginmu. Batun sakin wanda aka kama kuwa, ciwo ne na gaske, amma maganinsa shi ne a tsaya a kan shari'ar, a kai shaidu, dattawan gari su bi ta har ƙarshe. Shaidar mutum ɗaya da ya hangi fuska cikin duhu, wataƙila ma akwai tsohuwar rigimar gona a tsakaninsu, ba ta isa a ɗauki rai ba.

Ba a kan matasa kaɗai nauyin yake ba. Gwamna Aminu Bello Masari ya gwada sulhu, na 2019 ya rushe, aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a daren 11 ga Disamba 2020. A 2021 ya fito ya ce jama'a su nemi makami su kare kansu. Na fahimci halin da ya kai shi ga faɗin haka, amma izinin ɗaukar makami da bai zo da bayanin iyaka ba rabin umarni ne. Rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoba 2023 ta fi kusa da cika sharaɗin hukuma, domin akwai horo da albashi da shugabannin da za a tuhuma. Sai dai kaki ba ya sauya hukuncin rugar nan ko na saurayin kasuwa. Jirgin sama ma bai fita daga ƙa'idar ba. A Tudun Biri ta Jihar Kaduna, ranar 3 ga Disamba 2023, jirgin soja marar matuƙi ya jefa bam a kan masu bikin Maulidi, mutum aƙalla 85 suka rasu. Kuskure ne, kamar yadda sojan suka amsa, amma wajibin tantance wanda ake hari kafin a saki wuta yana ƙaruwa ne gwargwadon ƙarfin makamin.

Wannan damuwa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya ja runduna a Tafkin Kwatto a 1804, ya bar fagen daga bayan 'yan shekaru saboda ya ga son ganima da mulki sun fara rinjayar manufar da aka fito dominta. Ya nufi gabas, mutanen Kano suka tsayar da shi, a can ya rubuta Liya'ul Hukkami. Shehu Muhammadu al-Kanemi na Barno kuma ya rubuto wa shugabannin jihadi yana tambayar hujjar yaƙar mutanen da ke sallah da azumi, Muhammadu Bello ya amsa masa, ya kuma adana wasiƙun a cikin Infaƙul Maisuri. Ko wane ɓangare mutum ya fi gamsuwa da shi, abin lura shi ne cewa suna tsakiyar yaƙi suka ɗauki tambayar da muhimmanci, ba wanda ya ce a bari sai ƙura ta lafa.

Ni abin da nake roƙo ƙarami ne, kuma ana iya fara shi a wannan makon. Kowace ƙungiyar sa-kai a gundumominmu ta sami rajistar da ke hannun mai gari da limami, a rubuta sunan duk wanda aka kama, da wanda ya kama shi, da wanda ya shaida, da sa'ar da aka miƙa shi ga 'yan sanda. Dabbar da aka ƙwato a tsare ta a fili har mai ita ya zo da shaida, kada a raba ta a tsakanin waɗanda suka fita, domin ranar da fita ta fara kawo riba, niyya ta sauya. Inda kuma gari ya ƙulla sulhu ya ba mutanen daji amanar shigowa kasuwa, wanda ya shigo a kan wannan amana ba a taɓa shi, ko da mai gari ɗaya ne ya ba da ita da yawun jama'arsa. Idan an ga sulhun ya lalace, a sanar da su a fili cewa an janye shi kafin a ɗaga makami, kamar yadda aya ta 58 ta Suratul Anfal ta tsara.