Siminti Ma Yana Jin Ƙishirwa

Ya kai mai karatu, bari in ba ka labarin asarar da na yi. Wata shekara da bazara na yi daɓen siminti a ɗakin karatun manya, a wani ƙauye kusa da Illela. Ɗalibai suka tara kuɗi, muka sayo buhu biyar daga Malbaza. Muka zuba da rana tsaka, muka bar shi ya bushe. Kashegari ya tsattsage kamar ƙasan tabki. Da na karce shi da ƙusa sai gari ya tashi.

Laifina ne. Siminti ba bushewa ke sa shi ƙarfi ba, ruwa yake sha a hankali ya zama dutse. In rana da iska suka kwashe ruwan, ƙarfin ya tsaya nan.

To, in za ka yi naka, jiƙa ƙasa tukuna, ka zuba da yamma. Da ka danna yatsa bai bar alama ba, rufe shi da jiƙaƙƙun buhunan algarara ko yashi. Ka riƙa yayyafa ruwa safe, rana da yamma har kwana 7, kada ya bushe ko sau ɗaya. Sai kwana 28 ƙarfinsa ke cika.