Kafin ka koma aiki bayan rasuwa, tura saƙo ya riga ka isa

Yau zan ɗan ajiye maganar ƙwayoyi da allurai, in taɓo wani abu da kowane ma'aikaci zai gamu da shi wata rana, wato ranar farko a wurin aiki bayan an yi masa rasuwa.

A gida al'ada ta riga ta tsara mana komai. An shimfiɗa tabarma, an zauna kwana uku, mai zuwa ya san abin da zai ce: "Ya haƙuri? Allah ya jiƙansa." Kai ma ka san amsarka. Wurin aiki ba shi da tabarma. Dokar ƙwadago ta Najeriya ma ba ta ware hutun rasuwa ba, abin da ma'aikatarka ta ga dama shi za ta ba ka, sau da yawa 'yan kwanaki ne, ragowar kuma ka cira daga hutunka na shekara. Sai ka dawo zuciya ba ta huce ba, gaisuwa ta riƙa tarar ka a bakin ƙofa, a kan matakala, a tsakiyar aiki, daga mutum talatin, kowa da nasa lokacin da nasa tambayoyin.

Mu da muke aiki a Kudu muna da ƙarin wani abu. Lokacin da mahaifina ya rasu, an yi jana'izarsa a Zariya kafin la'asar ɗin ranar, ni ina hanya daga Legas. Yawancin abokan aikina a sashen magunguna Yarbawa ne da Ibo, kuma a wajen da yawa daga cikinsu, musamman Kiristoci, binne mamaci kan ɗauki makonni, a sa rana, a yi anko, a yi taro. Don haka tambayarsu ta farko, da zuciya ɗaya, ita ce yaushe za a binne shi, su shirya zuwa. Ka ga ke nan sai na bayyana wa kowa ɗaya bayan ɗaya cewa an gama, kuma ban samu ganin fuskarsa ba. Wannan jimlar sau ɗaya nake iya faɗinta a yini.

Shi ya sa ranar Asabar, saura kwana biyu in koma, na tura saƙo a zaurenmu na WhatsApp. Da Turanci na rubuta shi, ga ma'anarsa:

"Barkanku da aiki. Kamar yadda kuka ji, Allah ya yi wa mahaifina rasuwa. An yi jana'izarsa a ranar kamar yadda addininmu ya tanada, babu wani taro da ya rage. Na gode da kira da addu'o'i da gudummawarku. Zan dawo ranar Litinin da ƙarfe 8. Wanda yake son yi mini gaisuwa, zan kasance a ɗakin hutu daga ƙarfe 1 zuwa 2 ranar Litinin da Talata. Idan kun gan ni a taga ko ina lissafin magani, don Allah a bari sai na gama. Ba zan iya maganar jinyarsa da magungunan da aka ba shi ba tukuna, amma ina jin daɗi idan an ambace shi. Maganar aiki a yi mini ita kamar kullum. Makonni biyun farko zan riƙa neman wani ya sake duba mini lissafin maganin yara."

Da na karanta wa gwaggona shi a waya, sai ta yi shiru, ta ce, "Yanzu 'yar nan gaisuwar mutuwar ma sai an yanka mata kati kamar ganin likita?" Na san da yawa cikinku haka za ku ji, kuma ba na raina wannan. Ta'aziyya haƙƙi ce, mai yin ta lada yake nema, ba a kuma korar mai zumunci. Amma zaman makokin da muka gada ai shi ma wuri ne da lokaci aka ware. Ba a bin mai makoki gona ko kasuwa a tsayar da shi. Abin da na yi kawai shi ne na shimfiɗa tabarmata a ɗakin hutu, tunda babu wanda zai shimfiɗa mini.

Maganar taga ita ce wadda ba zan sassauta a kanta ba, kuma bari in nuna muku dalili. A ce an kawo takardar yaro mai nauyin kilo 12, likita ya rubuta farasitamol. Ana lissafa miligiram 15 ga kowane kilo, wato miligiram 180. Ruwan maganin da ke hannuna yana da miligiram 120 a kowane mililita 5, saboda haka yaron zai sha mililita 7.5. Lissafi ne da nake yi cikin daƙiƙa kaɗan. To amma a tsakanin 180 da 7.5 sai wata ta dafa kafaɗata ta ce, "Ashe Baba ya tafi?" Na ɗago, na amsa, idona ya ciko. Da na mayar da kai kan takarda, lambar da nake riƙe da ita a ka ta gudu. Mai hankali a kwance zai koma farko. Wanda ya kwana uku bai yi barcin kirki ba yana iya ɗauka ya riga ya duba ƙarfin maganin, alhali akwai wani ruwan farasitamol mai miligiram 250 a mililita 5, kuma mililita 7.5 nasa ya ninka abin da yaron yake buƙata har ya ɗan wuce. Baƙin ciki yana cin barci, yana kuma rage riƙe abu a ka na ɗan lokaci, ba don mutum ya manta aikinsa ba. Katse mai irin wannan hali ya fi katse kowa haɗari. Ko kai ba ka ba da magani, kana da taka tagar: mai ƙirga kuɗi a banki, direba, tela da almakashi a kan shaddar mutane. Ka gano wurin da kuskurenka zai faɗa kan wani, ka ambace shi da sunansa a saƙon.

Sai maganar jinya. Wannan ciwon ma'aikatan lafiya ne, mu ba ma iya jin an mutu mu tsaya a "Allah ya jiƙansa". Sai mun tambaya me ya same shi, wane maganin hawan jini yake sha, an duba ƙodarsa da wuri, sau nawa aka yi masa wankin ƙoda. Mai tambaya yana ganin kulawa yake nunawa. Wanda aka tambaya, musamman idan shi ne ɗan gidan da ya karanci lafiya, abin da yake ji shi ne ana bin sawun inda ya yi sakaci. Kuma tarihin ciwon mamaci sirrinsa ne, mutuwa ba ta mayar da shi labarin ɗakin hutu ba. Amma lura da cewa ban ce kada a yi maganarsa ba. Idan ka rubuta "ba na son a yi maganar" ka tsaya nan, mutane za su tsorata, su riƙa yin shiru idan ka shigo, wani ma ya canza hanya, kuma wannan shirun ya fi tambayoyin ciwo. Ka rufe ƙofa ɗaya, ka nuna wadda take buɗe. Da na yi haka, wani dattijo mai kula da ma'ajiyarmu ya tambaye ni wace sana'a Baba ya yi, muka yi rabin awa ina ba shi labarin shekarunsa a jirgin ƙasa. Ita ce gaisuwar da ta fi yi mini daɗi a makon.

Wani abin da za a yi maka tayinsa ba tare da ka nema ba shi ne maganin barci. A wurin aikinmu kam kusa yake, wani zai ce ka sha rabin diyazifam ko Lekzotan ka huta. Ku yi hattara. Irin waɗannan suna barin mutum da nauyin kai washegari, daidai lokacin da yake buƙatar nutsuwa, kuma jiki yana sabawa da su cikin 'yan makonni. Idan rashin barcin ya yi tsanani, likita ne zai duba ya yanke, na ɗan gajeren lokaci. Kana iya ƙara layi ɗaya a saƙonka cewa shawarar magani ka bar wa likitanka.

Game da yadda ake turawa, shugabanka ya fara ji, shi kaɗai, kafin zaure. Abin da ya shafi jadawali, kamar cire ka daga aikin dare na mako biyu, a wajensa ake nema, ba a gaban jama'a ba, don kada ya zama ka sanar da abin da ba a amince maka ba. Ni ranar Juma'a na kira shugabar sashenmu, muka daidaita, sannan saƙon ya fita. Kuma duk abin da ka roƙa ka sa masa wa'adi. "Makonni biyun farko" yana gaya wa mutane yaushe za su daina tafiya da sanɗa a kusa da kai. Idan wa'adin ya cika ba ka shirya ba, ka ƙara, babu laifi.

Ba kowa zai karanta ba, wani kuma zai karanta ya manta. Masu shara da masu gadi ba sa cikin zaurenmu, kuma su ne suka fi kowa tsayawa su gaishe ni da kyau. Don irin wannan ka tanadi jimla ɗaya da bakinka ya saba da ita: "Na gode ƙwarai, Allah ya ba da lada, zan same ka idan na tashi." Ka kuma cika alkawarin.

Akwai rasuwar da bai kamata mai ita ya rubuta da kansa ba. Matar da ta tafi hutun haihuwa ta dawo babu jariri, tambayar da ke jiran ta a bakin ƙofa ita ce "Ina baƙonmu?", daga mutanen da ba su ji ba, fuskarsu cike da fara'a. A nan wata aminiyarta a wurin aiki ce za ta zaga kafin ranar, har wajen masu gadi da sauran sassa, ta faɗi abin da ya faru a jimla ɗaya, ta faɗi abin da uwar take so a ce mata. Haka matar da ta fito daga takaba bayan wata huɗu da kwana goma. Ita a wajen abokan aiki labarin ya tsufa, don haka kai tsaye ake tsallakawa zuwa rabon gado, da wa zai riƙe yara, da ko za ta koma gidan iyayenta. Nata saƙon waɗannan ukun zai ambata, cewa maganar iyali ce kuma iyali suna kanta, sannan ta faɗi ranar da za ta karɓi cikakken aikinta.