A koya wa yara labarin iskoki, amma kada a mayar da aji gidan bori

Jama'a, tun da aka dawo da darasin Tarihi a makarantu nake ganin ana ta ja-in-ja a kan ko ya dace a koya wa yara addinin gargajiya. Ni a ganina ya dace. Alƙur'ani ma ya ambaci Lata da Uzza da Manata da sunayensu, kuma a Suratul An'am an hana zagin abin bautar wasu. Ke nan sanin abu daban, yin imani da shi daban. Inda gizo ke saƙa shi ne irin aikin da malami zai ba yara.

Littattafan da ake koyarwa da su sukan kasa abin gida uku: Mahalicci, kakanni, sai iskoki. Ajin da ke nan Chikaji ko Sabon Gari kuwa ya haɗa ɗan Bahaushe da ɗan Bayarabe da ɗan Ibo, to sai a cike gidajen da misalan kowa. A gidan farko, Yarabawa na cewa Olodumare, Ibo na cewa Chukwu. Maguzawa su ma sun yarda Allah ne ya yi komai, sai dai suna ganin ya yi nisa da al'amuran yau da kullum, shi ya sa yankansu da roƙonsu ke tafiya wajen iskoki.

A gida na biyu ake yawan kuskure. Yarabawa suna da Egungun, wato dodon da suke cewa kakanni ne suka dawo ziyara. Amma Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano ya fitar da littafinsa a 1946, iskoki ya tarar a tsakiyar addininsu, bai tarar da bautar kakanni irin ta Yarabawa ba. Don haka idan yaro ya bar wannan gurbi kusan fayau a layin Hausawa, daidai ya yi. Malamin da ya tilasta a cike shi ya koyar da ƙarya, wai duk Afirka abu ɗaya ne.

Ga yadda zan so a tafiyar da darasin minti 40. Minti 10 na farko a zana gidajen nan uku a allo. Sai a raba yara rukuni huɗu, kowanne a ba shi iska ɗaya daga cikin na bori: Malam Alhaji, tsohon malami mai tari da carbi, Ɗan Galadima, ɗan sarauta mai ado da ɓarnar kuɗi, Kuturu, da Sarkin Rafi, wanda aka sani da zafin kai. Tambaya ɗaya ce za su amsa cikin minti 15: wane irin mutum ne a cikin gari wannan iska yake kwatantawa? Nan yara za su gano da kansu cewa birnin iskoki, Jangare, an fasalta shi ne kamar masarautar Hausa, da sarki da fadawa da malamai da naƙasassu. Sauran minti 15 kowane rukuni ya karanta abin da ya rubuta.

Doka ɗaya ce tak: kowace jimla ta fara da "masu bori suna cewa" ko "a wurin Maguzawa". Wannan ƴar dabara tana kare yaro daga furta abin da bai yi imani da shi ba, kuma tana hana shi yanke wa wasu hukunci. In ka ji yaro ya ce "Sarkin Rafi yana hawa kan mutum", a gyara masa. In ka ji "waɗannan jahilan", shi ma a gyara masa.

Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne wasan kwaikwayo. Wata makaranta da ƴata ta yi sun taɓa sa yara su kwaikwayi hawan bori a ranar al'adu, ana faɗuwa ƙasa ana shewa. Iyaye suka fusata, suna ganin an sa ƴaƴansu shirka, ga shi kuma an mayar da abin da wasu ke girmamawa abin dariya. An yi biyu babu. Haka nan kada malami ya ce "wa kakansa Bamaguje ne, ya ɗaga hannu". Har yanzu akwai Maguzawa da ƴaƴansu a ƙauyukan Kano da Katsina da Kaduna, wataƙila jikansu na zaune a benci na uku, kuma daga ranar ya samu sunan tsokana ke nan.

In ana son aikin gida, a tura yaro ya tambayi dattijo abin da ya ji ana faɗa game da dutsen Kufena, ko dutsen Dala da Barbushe da Tsumburbura, ya rubuto da "an ce". In dattijon ya ƙi magana, a ƙyale shi, kuma kada a rage wa yaron maki.

Gane ko darasin ya yi kyau ba wuya. Idan aka tashi yara na iya bayyana bambancin Egungun da iska, kuma babu wanda aka bi da waƙar tsokana a hanyar gida, to malam ya yi aikinsa. Malaman da ke cikinmu, ku faɗa mana yadda kuke yi a naku ajin.