Toshi Ba Bashin Aure Ba Ne

A ƙasashen Anka da Gummi da Bukkuyum, saurayi kan koyi yadda ake zance a wurin abokansa, budurwa kuma a wurin ƙawayenta. Manya ba su cika sa baki ba sai magana ta kai ga kuɗin na-gani-ina-so. A matsayina na malami mai zama da matasa kullum, kuma ɗan wannan yanki, na lura cewa a wannan tazara da muka bar musu ne suke ɗaukar wata gurguwar fahimta, wato duk yarinyar da ta karɓi toshin mutum ta riga ta amsa aurensa.

Asalin toshi ƙaramin abu ne: sabulu, turare, ko 'yan kuɗin da saurayi zai miƙa idan ya tashi daga zance. Abin da ya sauya shi ne girmansa. Duniya ta san Bagega da Dareta da 'Yargalma ne saboda gubar dalma da ta kashe ɗaruruwan yara a 2010, amma mu 'yan gida mun san cewa zinaren ya taɓa har da neman aure. Yaron da ya yi sa'a a rami yana iya riƙe kuɗin da mahaifin budurwarsa bai gani ba a noman shekara guda. A ɗaya ɓangaren kuma, rashin tsaro ya raba iyalai da gonakinsu, wasu suna zaman hijira a cikin garin Anka. Idan mai yalwa ya yi kyauta ga gidan da ke cikin ƙunci, kyautar kan yi nauyin da ita yarinyar ba ta auna ba.

Mu ɗauki misali. Saurayi ya yi wata takwas yana zuwa zance. Ya saya mata waya ta naira dubu 80, yana sa mata kati, da azumi ya kai buhun gero da sukari gidansu, da Sallah ya ɗinka mata atamfa biyu. A cikin watannin nan ta gane yana da zafin hannu, yana binciken wayarta, yana kuma zagin duk wanda ta gaisa da shi. Ranta ya fita. To amma an ci geron, wayar ta tsufa, mahaifinta ba shi da abin biya. Ranar da aka aiko gwaggonta ta tambaye ta, sai ta sunkuyar da kai ta yi shiru. Gwaggo ta koma ta ce yarinya ta yarda. Daga baya idan aka fara yaji da zaryar kotu, sai a ce 'ya'yan zamani ba su da haƙuri.

Darasi na farko da nake ganin ya kamata a koya wa saurayi da budurwa shi ne hukuncin kayan nan. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke aiki da ita, ra'ayin da malamai da dama suka fifita shi ne: idan namiji ne ya fasa, ba ya karɓar kyautarsa, idan daga ɓangaren mace aka fasa, yana iya neman a mayar masa, sai dai in akwai sharaɗi ko al'adar gari da ta saɓa wa haka. Ke nan iyakar abin da toshi zai iya jawowa shi ne maganar dukiya. Babu inda ya zama hujjar mallakar mutum. Yarinyar da ta san haka za ta yi hattara da babbar kyauta tun kafin manya su shiga magana, domin ta san ranar biya na iya zuwa. Saurayin da ya san haka zai daina lissafa kati da atamfa kamar wanda ya ba da kafin alƙalami a kasuwar dabbobi.

Darasi na biyu na manya ne, kuma a kan shiru yake. Gaskiya ne hadisi ya nuna cewa ana neman izinin budurwa, kuma shirunta izini ne. An yi wannan sauƙi ne saboda kunya, don kada a tilasta wa mai so ta furta da baki. Shi ya sa malaman Malikiyya suka so a sanar da ita tun farko cewa za a ɗauki shirunta a matsayin yarda. Shirun kunya da na tsoro ba su da wuyar bambancewa ga mai son ya gani. Mai kunya takan ɓoye fuska, amma tana cin abinci, tana fita zance da kwalliyarta. Mai tsoro takan rame, ta ƙirƙiri ciwon kai duk daren da ya zo, ta tura ƙanwarta ta ce ta yi barci. Saboda haka a tambaye ta a keɓe, ta bakin wadda ba ta ci ko ƙwayar geron ba, a maimaita bayan kwanaki, kuma a fara da gaya mata cewa maganar kaya ta iyaye ce, ba tata ba.

Na san za a ce uba yana da ikon tilas a kan 'yarsa budurwa a Malikiyya. Haka ne, amma ikon yana da iyaka, kuma don maslahar 'yar aka ba shi. A shari'ar Karimatu Yakubu da Alhaji Yakubu Tafida Paiko, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke cewa uban da ya riga ya ba 'yarsa zaɓi ya sarayar da wannan iko. Mu kuwa a nan, yawancin iyaye su ne suka bar ƙofar zance a buɗe. Wanda ya ce wa 'yarsa ta fito da miji ya ɗauki alkawarin sauraron amsarta.

Darasi na uku shi ne mafi wuya ga samari: jin kalmar "a'a" ba tare da an mayar da ita gaba ba. Ina yawan ba ɗalibaina labarin Barira da Mugis, wanda Bukhari ya ruwaito. Da aka 'yanta ta, ta zaɓi rabuwa da shi, yana bin ta a titunan Madina yana hawaye. Manzon Allah (SAW) ya nemi ta koma masa. Ta tambaya ko umarni ne, ya nuna mata cewa ceto kawai yake yi, sai ta ce ba ta da bukatarsa, kuma aka bar ta a kan haka. Idan tsananin son Mugis bai zama hujja a kanta ba, waya da atamfa ba za su zama ba. Daidaito a neman aure a nan yake: yadda saurayi ke iya daina zuwa zance ba wanda ya kai shi ƙara, haka ita ma take da damar cewa ya dakata, ba tare da barazana ko ɓata suna ko yaɗa hotunanta ba.

Wurin koyar da wannan yana hannunmu. Littattafan fiƙihun da ake karantawa a zaurukanmu da makarantun Islamiyya duk suna da babin aure, sai dai akan gaggauta wuce maganar izini a tsaya a kan sadaki da walima. Ina roƙon malamai su tsaya a nan, su yi wa ajin maza da na mata bayani iri ɗaya. Limamin da zai ɗaura aure kuma, kafin ya tambayi nawa ne sadaki, ya tambayi waliyyi wa aka aika wurin yarinyar, da abin da ta ce.