Ɗaga Zaman Auna Aiki: Yadda Ake Yi a Jamus, Yadda Aka Saba a Gida

A kamfanonin Jamus da yawa, sau ɗaya a shekara ma'aikaci da manajansa kan rufe ƙofa su zauna su biyu na kusan awa guda. Su duba abin da aka yi a bara, su tsara na bana, wani lokaci har maganar ƙarin albashi ta shigo. Gayyatar zaman takan zo ta kalandar kwamfuta mako biyu ko uku kafin ranar, da awarta da ɗakinta. Bahaushen da ya fara aiki a Hamburg ko Stuttgart yakan ci karo da wata 'yar matsala a nan: lokacin da aka saka bai yi masa ba, kuma bai san ta inda zai ɓullo wa maganar ba.

A ofisoshin Kano ko Kaduna hanyar sananniya ce. Ma'aikatan gwamnati sun daɗe da sanin fom ɗin APER, wanda ma'aikaci ke cike nasa ɓangaren, na sama da shi ya ba da maki ya sa hannu. Idan akwai zama, sau da yawa oga ne ke aikowa a kira mutum lokacin da ya sami sarari. Mai uzuri ba wasiƙa yake rubutawa ba. Ƙafa yake takawa, ya tambayi sakatare ko oga yana ciki, ya yi sallama, ya gaishe shi da aiki da iyali, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, ina da ɗan uzuri ranar nan, ko za a taimaka a ɗaga mini? Duk lokacin da ka ga ya dace, ina nan." Ladabin yana cikin jimlar ƙarshe. Ƙarami ba ya yanka wa babba lokaci.

Wannan jimlar ce ke kawo cikas a Jamus. Manajar da ke da mutum goma sha biyu a ƙarƙashinta, kuma sashen kula da ma'aikata ya ba ta wa'adin kammala zama da kowa, idan aka ce mata "duk lokacin da kika ga dama," aiki aka ƙara mata. Sai ta buɗe kalandarta, ta buɗe tasa, ta nemo gurbi, ta aiko, wataƙila wannan ma bai yi ba. A wajenta, mai ladabi shi ne wanda ya yi wannan binciken da kansa ya kawo mata zaɓi.

A ɗauki misalin injiniya ɗan Zariya da aka saka wa zama ranar Juma'a da ƙarfe 13:00 a watan Fabrairu. Juma'a ranar aiki ce a Jamus, kuma a lokacin sanyi sallar Juma'a takan faɗo daidai wannan tsakanin. Abu na farko, ba zai danna Decline ya yi shiru ba, domin gayyatar za ta ɓace daga kalandarsa, manajar kuma ta ga ƙi kawai ba bayani. Kuma zaman ba na ganin dama ba ne: sashe na 106 na dokar sana'o'i ta Jamus ya ba mai kamfani ikon tsara abin da ma'aikaci zai yi a lokacin aiki, irin wannan zama yana ciki. Ƙin zuwa ba hujja na iya jawo takardar gargaɗi.

Zai buɗe Scheduling Assistant a Outlook, inda yake ganin guraben da manajar ba ta da wani taro ko da bai ga abin da ke cikin tarukanta ba. Ya tsallake safiyar Litinin, da yawancin sassa ke taron mako, ya tsallake yammacin Juma'a, da ofisoshi ke watsewa da wuri. Ya nemi gurbin da ya kai cikakkiyar awa, zai fi kyau in babu wani taro manne da shi a baya, don kada a yanke maganar albashi a tsakiya saboda manajar tana duban agogo. Sannan ya danna Propose New Time, ya haɗa da 'yan layuka a ranar da gayyatar ta iso:

"Na gode da gayyatar zamanmu na shekara. Ranar Juma'a da ƙarfe 13:00 ina da wani uzuri da ba ya ɗaguwa. Na duba kalandarki na ga kamar kina da sarari ranar Laraba ta makon daga 10:00 zuwa 11:00, ko Alhamis daga 14:00 zuwa 15:00, ko Talata ta mako mai zuwa da 9:30. Wanda ya fi miki a ciki ya yi mini. Zan aiko miki da takardar shirina kwana biyu kafin zaman."

Abin lura, biyu daga cikin ranakun ukun sun riga ranar da aka saka tun farko. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wanda kullum gaba yake tura zama, sai a fara zaton akwai abin da yake gudu a cikin aikinsa. Wanda ya ce a matso da shi kusa ya kashe wannan zato, kuma bai jefa manajarsa cikin haɗarin wuce wa'adi ba. Uku kuma sun isa. Ɗaya ya yi kama da umarni, bakwai kuwa ya mayar mata da aikin da ake son ɗauke mata.

Batun dalili ma ya bambanta. A gida gajeren uzuri kan yi kama da raini, shi ya sa ake bayani dalla-dalla: jana'izar wa, asibitin ina. A Jamus ba a jiran wannan, dogon bayani ma yakan sa mai karatu ya takura. Amma Juma'a kowane mako take dawowa, don haka ya fi wa injiniyan alheri ya faɗa wa manajar baki da baki sau ɗaya, ya kuma toshe lokacin sallar a kalandarsa har ƙarshen shekara. A nan tarbiyyar gida tana da amfani sosai: minti biyu a bakin ƙofarta kafin saƙon ya isa yana sassauta abin da rubutu kaɗai ba ya sassautawa.

Akwai inda doka ta tsaya wa ma'aikaci. Sashe na 82 na dokar wakilcin ma'aikata ta 1972 ya ba shi damar neman a tattauna yadda aka auna aikinsa, ya kuma zo da ɗan majalisar ma'aikatan kamfanin. Idan wakilin ba ya nan ranar, wannan dalili ne mai ƙarfi na neman a ɗaga. A 2016 kuma, babbar kotun ƙwadago ta tarayya da ke Erfurt ta yanke cewa wanda likita ya ba hutun rashin lafiya, a ƙa'ida, ba dole ba ne ya zo ofis don zama da shugabanninsa.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne bayan an aika saƙon. Shirun manaja ba amincewa ba ne. Muddin ranar da ke kalanda ba ta canja ba, tsohon lokacin yana nan daram. Idan kwana biyu suka wuce ba amsa, sai a tuna mata, a kuma sake duba ko guraben nan uku ba su cike ba. Kuma sau ɗaya ake ɗagawa. Na biyu, in ba rashin lafiya ko rasuwa ba, yakan shiga cikin abin da za a auna.

Kamfanoni masu zaman kansu a Abuja da Legas tuni suka koma kalandar kwamfuta, ogan da ke can ma lokacinsa a ƙididdige yake. Matashin da zai nemi a ɗaga masa zama ya riƙe sallamarsa da "ranka ya daɗe," amma ya shiga ofishin da ranaku uku a hannu.